Darasi na Tara: Mayar da Rubutaccen Littafi Zuwa EPUB

Yawancin littattafan da ke yawo a wayoyin mutane PDF ne. Duk wanda ya taɓa karanta labari mai shafi ɗari uku a haka ya san wahalar: rubutu ƙanana, sai an buɗa shi da yatsu biyu, a ja dama a ja hagu kafin a kai ƙarshen layi. Dalili shi ne PDF hoton shafin takarda ne, faɗinsa da tsawonsa ba sa canzawa. EPUB kuwa ba shi da tsayayyen shafi. Rubutun yana bin girman fuskar na'urar da aka buɗe shi a kai, mai karatu kuma shi ke zaɓar girman haruffan da idonsa zai iya. Wannan tsari ya fito a shekarar 2007 daga ƙungiyar IDPF, EPUB 3 ya biyo baya a 2011, sannan a 2017 aikin ya koma hannun W3C, wadda ta fitar da EPUB 3.3 a 2023. Da shi Google Play Books da Apple Books da Kobo suke aiki, haka ma manhajojin waya irin su ReadEra da Moon+ Reader.

A wannan darasi za mu ɗauki littafi ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara labari ne mai kalmomi 60,000, an buga shi a Word, yana da babi 24, ga sadaukarwa a gaba, ga godiya a baya. Za mu sa masa suna Hanyar Tasha don misali kawai. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne: manhajar da ke juya littafi ba ta karanta Hausa, ba ta kuma ganin shafi yadda idonku ke ganinsa. Alamun da kuka sa a cikin fayil kaɗai take bi. Rabon babi da jerin abubuwan da ke ciki duk daga waɗannan alamu suke fitowa, don haka mafi yawan aikin a cikin Word ake gama shi, tun kafin a taɓa wata manhaja.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Ku sami kowane littafin EPUB, ku kwafe shi, ku canza ƙarshen sunan kwafin daga `.epub` zuwa `.zip`, ku buɗe. Za ku tarar ba fayil ɗaya ba ne, tarin ƙananan fayiloli ne aka ƙunshe wuri guda. Ga yadda cikin wanda Pandoc ya haɗa yake, a taƙaice:

```
mimetype
META-INF/container.xml
EPUB/content.opf
EPUB/nav.xhtml
EPUB/toc.ncx
EPUB/text/ch001.xhtml
EPUB/text/ch002.xhtml
```

Ya yi kama da littattafan malamai na rubutun hannu, waɗanda ba a ɗinke su ba, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka, sai da abin da ke nuna wacce ke bin wacce. Kowane `ch001.xhtml` da 'yan'uwansa babi ne guda. Shi kuwa `content.opf` shi ke riƙe da lissafin komai, kuma sassa uku ne a cikinsa. Akwai `metadata`, inda sunan littafi da na marubuci da harshe suke. Akwai `manifest`, jerin duk fayil ɗin da ke cikin ƙunshin, har hotuna. Akwai `spine`, wanda ke faɗa wa na'ura ta fara da wannan, ta bi da wancan. Fayil ɗin da ba a ambata a `manifest` ba, a wurin na'ura kamar babu shi ne. Babin da ba ya cikin `spine` kuma mai karatu ba zai iske shi ba yana juya shafi.

Ba za ku rubuta waɗannan da hannu ba. Na nuna muku ne don in wani abu ya lalace ku san inda za ku leƙa.

Gyaran rubutun kafin a juya shi

Ku fara da yin kwafin fayil ɗin Word, ku ajiye na asali gefe. A kan kwafin za ku yi aiki.

Matsala ta farko, wadda ta fi kowacce yawa, ita ce kanun babi. Marubuci yakan rubuta BABI NA ƊAYA, ya kaurara haruffan, ya ƙara musu girma, ya kai su tsakiyar shafi. A ido kan babi ne sosai. A wurin manhaja kuwa sakin layi ne kamar kowanne, an dai yi masa ado. Abin da ke mayar da layi ya zama kan babi shi ne salon da Word ke kira `Heading 1`. Ku ɗora alamar rubutu a kan layin, ku danna `Ctrl+Alt+1`, ko ku zaɓi salon daga saman allo. Haka za ku yi wa babi 24 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da sadaukarwa, da godiya. Jimla kanu 26. Ku rubuta wannan lamba a takarda, za mu neme ta nan gaba.

Akwai hanyar tabbatarwa mai sauƙi. Ku shiga `View` ku kunna `Navigation Pane`. Jeri zai bayyana a gefen hagu, kuma layukan da aka yi wa alama kaɗai yake nunawa. In kun ƙirga 25, akwai babin da kuka tsallake. In kun ga wata doguwar jimla daga tsakiyar labari ta shigo jerin, hannu ne ya goce ya ba ta `Heading 1`, sai ku mayar da ita `Normal`. Abin da kuka gani a wannan jeri shi za ku gani a littafin da zai fito, ba ƙari ba ragi.

Ga wani tarko da ke kama masu yi wa babi suna. A ce babi na uku layi biyu ne: Babi na Uku a sama, Dawowar Malam a ƙasa. In kuka ba layukan biyu `Heading 1`, manhaja za ta ɗauka babi biyu ne. Mai karatu zai tarar da shafi guda ba komai a kai sai Babi na Uku, ya juya, sannan ya ga Dawowar Malam da labarin. Jerin abubuwan da ke ciki ma zai ninka. Magani shi ne ku haɗe su layi ɗaya, Babi na Uku: Dawowar Malam. Ni wannan na fi so, domin mai neman inda ya tsaya ya fi tuna sunan babi a kan lambarsa. In kuma marubucin ya nace sai layi biyu, na biyun ya zama `Heading 2`.

Bayan kanu sai shara. Duk abin da aka yi don takarda ba shi da aiki a nan. Ku goge jerin abubuwan da ke ciki da aka buga da hannu, mai ɗige-ɗige da lambobin shafi, domin shafi na 87 a wayarku yana iya zama na 140 a wayar wani da ya ƙara girman haruffa. Ku cire tazarar da aka yi ta danna `Enter` sau goma don tura babi zuwa sabon shafi. A akwatin `Replace` na Word, `^p` na nufin ƙarshen sakin layi, don haka ku nemi `^p^p` ku musanya da `^p`, ku maimaita har ya ce bai sami komai ba. Amma kafin ku yi wannan, ku duba wuraren da marubuci ya bar fili da gangan don nuna an sauya wuri ko lokaci a tsakiyar babi. Fili zalla ba ya tsira a juyi, Pandoc ma zubar da sakin layin da ba komai a ciki yake yi. Ku sa taurari uku a layinsu a irin waɗannan wurare, in ba haka ba mai karatu zai ga ana cikin hira a Kano, layi na gaba an wayi gari a Damagaram, ba abin da ya raba.

Littafin da aka fara sakinsa kashi-kashi a WhatsApp kafin a tattara shi yana zuwa da nasa kayan. Za ku iske taurari a gaba da bayan kalmomin da aka so kaurarawa, da gaisuwar masu karatu a farkon kowane kashi, da layukan da suka karye a tsakiyar jimla. In karayar irin wadda Word ke kira `^l` ce, ku neme ta ku duba kowacce kafin ku musanya. Babu gajeriyar hanya a nan, sai an bi da ido.

Haruffa masu lanƙwasa

Wannan ya shafe mu fiye da masu rubutu da wasu harsuna. Akwai tsofaffin samfuran haruffan Hausa, irin su Rabi'at da Abdalla, da aka daɗe ana buga littattafai da su. Dabararsu ita ce sun ari gurbin wasu alamomi sun zana haruffanmu a kai. A allon mai bugawa ƙ ce ke fitowa, amma abin da ke ajiye a cikin fayil wata alama ce daban. Da zarar rubutun ya bar wannan samfuri, sai ku ga ƙasa ta koma `}asa`, haɗa ta koma `ha]a`, ɓangare ya koma `~angare`. Na'urar mai karatu ba ta da samfurin, don haka abin da zai gani ke nan daga bango zuwa bango.

Gwaji: ku zaɓi sakin layi guda ku mayar da shi `Times New Roman`. In haruffan sun tsaya, lafiya. In sun rikiɗe, sai ku musanya kowace alama da harafin gaskiya na tsarin Yunikod. Ga lambobinsu: ɓ `0253`, ɗ `0257`, ƙ `0199`, manyansu kuma Ɓ `0181`, Ɗ `018A`, Ƙ `0198`. Masu bin ƙa'idar rubutun Nijar za su buƙaci ƴ, `01B4`. A Word, in kun buga lambar kuka danna `Alt+X`, harafin zai fito, sai ku kwafe shi zuwa akwatin musanya. Haka za a yi wa rubutun da aka buga a waya da k' da d' da b'. Ku kunna `Match case` don kada babba da ƙarami su cakuɗe, ku kuma lura da inda alamar rufe zance ce ta biyo bayan harafin, ba lanƙwasa ake nufi ba.

Bango

Abin da mai zane ya kai maɗaba'a ba shi za ku ɗauka kai tsaye ba. Wancan shimfiɗa ɗaya ce mai ɗauke da gaba da baya da ƙashin bayan littafi, kuma launinta na tawadar injin buga littafi ne, wato `CMYK`. Ku roƙi mai zanen ya yanko muku fuskar gaba kaɗai, ya ajiye ta a `RGB`, launin allo. In aka bar ta a `CMYK`, wasu na'urori kan nuna launin a dishe ko a jirkice, wasu kuma su ƙi nuna hoton gaba ɗaya.

Girman da ya wadatar shi ne faɗi fiksil 1600, tsawo 2560. Shi ne Amazon ke ba da shawara a kai, ya kuma haura mafi ƙarancin faɗin 1400 da Apple ke nema. Ku ajiye shi JPEG. Ku kula da nauyinsa: rubutun littafin nan namu duka, bayan an matse shi, bai kai rabin megabayit ba, to bai dace bango shi kaɗai ya kai megabayit biyar ba, alhali masu karatu da kuɗin datarsu za su sauke. In an rage ingancin JPEG kaɗan, bango mai wannan girma yakan sauko ƙasa da megabayit ɗaya ba tare da ido ya lura ba.

Kafin ku amince da zanen, ku rage shi a allo ya koma kamar girman babban yatsa. A haka mai karatu zai fara ganinsa a jerin littattafan wayarsa. In sunan littafin bai karantu ba, a ƙara masa girma, a rage kwalliya. Ku sa wa fayil ɗin suna mai sauƙi, `bango.jpg`, da ƙananan haruffa, ba tazara, ba harafi mai lanƙwasa. A cikin EPUB, `Bango.JPG` da `bango.jpg` fayil biyu ne daban, ko da yake Windows ba ta bambanta su. Shi ya sa hoto kan fito a kwamfutar mai haɗawa ya ɓace a wayar mai karatu.

Juyin kansa

Manhajar da za mu yi amfani da ita ita ce Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara a 2006. Kyauta ce. Ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta mata, abin da kan tsorata mutane a karon farko, amma layi ɗaya ne tak. Ku sa `littafi.docx` da `bango.jpg` a folda ɗaya, ku buɗe tagar umarni a cikin wannan folda, ku rubuta wannan a layi guda ba tare da kun danna `Enter` a tsakiya ba:

```
pandoc littafi.docx -o littafi.epub --split-level=1 --toc --toc-depth=1 --epub-cover-image=bango.jpg -M title="Hanyar Tasha" -M author="Sunan Marubuci" -M lang=ha -M toc-title="Abubuwan da ke Ciki"
```

`--split-level=1` yana cewa a yanka sabon fayil duk inda aka ga `Heading 1`. In Pandoc ɗinku ya girmi fitowa ta 3.0, sunan wannan umarni `--epub-chapter-level` ne. `--toc-depth=1` yana taƙaita jerin abubuwan da ke ciki ga manyan kanu. Ga labari hakan ya isa, amma littafin koyarwa mai ƙananan sassa a cikin babi zai so 2. Shi kuma `lang=ha` yana sanar da na'ura cewa littafin Hausa ne. In kun bar shi, Pandoc zai sa harshen da kwamfutarku ke kai, galibi Ingilishi, sai manhajar karatu ta riƙa tsinka kalmomin Hausa a ƙarshen layi bisa ƙa'idar Ingilishi.

Me ya sa ake damuwa da yankan nan? Ku yi lissafi. Kalmomi 60,000, kowacce da tazararta kusan harafi biyar, sun kai kimanin kilobayit 300 ko fiye. Manhajar karatu tana ɗaukar fayil guda ne ta tsara shi shafi-shafi kafin ta nuna. In littafin duka dunƙule yake, duk sanda aka buɗe ko aka canza girman haruffa sai ta sake tsara kalmomi 60,000, ƙaramar waya kuma sai ta tsaya tana tunani. Tsofaffin na'urorin karatu ma ba sa buɗe fayil ɗin da ya haura kilobayit 300, abin da ya sa manhajar Calibre ke yanka duk wanda ya wuce 260. In an raba gida 24, kowane babi kalmomi 2,500 ne, kilobayit 12 ko 13, abin da ba ya ɗaukar ƙiftawar ido. Ga kuma riba ta biyu: kowane sabon fayil a sabon shafi yake farawa, don haka babi ba zai fara a gindin wanda ya gabace shi ba.

Duba abin da ya fito

Kada ku tura wa kowa tukuna. Ku buɗe `littafi.epub` da Sigil, manhajar gyaran EPUB, ita ma kyauta. A gefen hagu za ku ga jerin fayiloli. Ku ƙirga masu farawa da `ch`. Lambar da kuka rubuta a takarda ita ce 26, to `ch026.xhtml` ya kamata ya zama na ƙarshe.

In `ch001.xhtml` kaɗai kuka gani, kanun ba su sami `Heading 1` ba, littafin ya tafi dunƙule. In kun ga 27, galibi akwai rubutu a gaban kai na farko, misali bayanin haƙƙin mallaka, sai Pandoc ya ware masa fayil ya ɗora masa sunan littafin a matsayin kai. Wannan ba ɓarna ba ce, amma gara ku ba shi nasa kan. In kun ga 50, layi biyu-biyu kuka yi wa alama a babobin. In kun ga 25, wani babi ya manne da na gabansa, ku nemi fayil ɗin da ya ninka sauran nauyi.

Ana iya gyara wannan na ƙarshe a cikin Sigil: a ɗora alamar rubutu a gaban kan babin da ya manne, a zaɓi `Split At Cursor` a ƙarƙashin `Edit`, a mayar da layin `h1`, sannan a sake haɗa jerin da `Generate Table Of Contents` a ƙarƙashin `Tools`. Amma shawarata ku koma Word ku gyara can ku sake juyawa. Marubuci zai dawo da gyare-gyare bayan mako biyu, ba makawa, kuma duk abin da kuka gyara a Sigil kaɗai sai kun sake shi daga farko.

Yanzu jerin abubuwan da ke ciki. Iri biyu ne, mutane kuma kan rikita su. Akwai wanda manhajar karatu ke nunawa in aka taɓa maɓallinta, ko ana tsakiyar babi na ashirin. Akwai kuma shafin da ake iskewa a farkon littafi ana juyawa. A EPUB 3 fayil ɗaya na iya yin aikin biyu, wato `nav.xhtml`. Pandoc yana haɗa shi ko ba ku nema ba, shi `--toc` aikinsa shi ne ya sa shi cikin `spine` don ya zama shafin da ake gani. Ga yadda cikinsa yake in an rage:

```
<nav epub:type="toc">
  <ol>
    <li><a href="text/ch002.xhtml">Babi na Ɗaya</a></li>
    <li><a href="text/ch003.xhtml">Babi na Biyu</a></li>
  </ol>
</nav>
```

Kun lura babi na ɗaya yana `ch002`, domin sadaukarwa ta ɗauki `ch001`. Babu lambar shafi ko ɗaya, kowane layi mahaɗi ne da ke kai mutum fayil ɗin babin. Shi kuwa `toc.ncx` da kuka gani a jerin farko, tsohon tsari ne na EPUB 2. Ku bar shi inda yake, akwai na'urorin da shi kaɗai suka sani.

Bango ma wuri biyu yake zama. Akwai shafin farko da ke nuna hoton, akwai kuma alama a `content.opf` da ke cewa wannan hoto shi ne bango. Ku nemi layin hoton a `manifest`, ku tabbata yana ɗauke da `properties="cover-image"`. Wanda ya liƙa hoton a shafin farko na Word kawai ya sami na farko ya rasa na biyu. Alamar hakan ita ce hoton yana fitowa in an buɗe littafin, amma a jerin littattafan waya sai a ga fili ko zanen da manhajar ta ƙirƙira. A Sigil, `Add Cover` a ƙarƙashin `Tools` yana yin duka biyun. Kada kuma ku liƙa hoton a Word sannan ku ba Pandoc shi, bango zai fito sau biyu a jere.

Gwaji na ƙarshe

Akwai manhajar tantancewa mai suna EPUBCheck, wadda shagunan littattafai da yawa ke bi da fayil ta cikinta kafin su karɓa. Tana buƙatar Java a kwamfuta:

```
java -jar epubcheck.jar littafi.epub
```

Kowane kuskure yana zuwa da lambarsa da sunan fayil da layin da yake. `RSC-007` na nufin an ambaci wani fayil amma ba a same shi ba, galibi sunan hoto ne ya saɓa. `RSC-012` na nufin mahaɗi yana nuna wani wuri a cikin babi da babu shi, abin da kan faru in an yanka babi da hannu ba a sabunta jerin ba. `PKG-006` kuma yana kama wanda ya buɗe ƙunshin ya sake matse shi da kansa. Ƙa'ida ita ce `mimetype` ya zama fayil na farko a ciki, ba a matse ba, manhajojin matse fayil na yau da kullum kuwa ba su san da wannan ba. Leƙawa ta hanyar `.zip` don kallo ne kawai, gyara a Sigil ake yi.

EPUBCheck ba ta san ko littafin yana karantuwa ba, ƙa'ida kawai take dubawa. Don haka ku tura shi waya, ku buɗe da manhaja biyu daban, zai fi kyau a haɗa da tsohuwar waya. Ku taɓa babi na farko da na tsakiya da na ƙarshe a jerin, ku ga ko kowanne ya kai ku inda ya ce. Ku ƙara girman haruffa har ƙarshe ku ga ko kanun sun tsaya daidai. Ku nemi kalma mai ɗ ko ƙ ku dube ta da kyau. In kun ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko harafin ya fi maƙwabtansa kauri ko tsawo, samfurin haruffan na'urar ne ba shi da shi, ta aro daga wani. Magani shi ne a cusa samfuri mai haruffanmu a cikin littafin. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna da su, lasisinsu kuma ya yarda a raba su tare da littafi, saɓanin `Times New Roman` da ke zuwa da Windows. Ana cusawa da `--epub-embed-font`, amma sai an ambaci samfurin a fayil ɗin `CSS` na littafin kafin ya yi aiki, kuma mai karatu na iya zaɓar nasa ya bar naku.

Aikin yi

1. Ku ɗauki rubutu mai aƙalla babi biyar. Ku juya shi da Pandoc yadda yake, kafin kowane gyara, ku rubuta yawan fayilolin `ch` da suka fito da abin da jerin ya nuna.

2. Ku ba kanun `Heading 1`, ku share tazarar banza, ku gyara haruffa masu lanƙwasa, ku sake juyawa. Ku kwatanta da na farko.

3. Wani ya kawo muku littafi mai babi 12 da gabatarwa, amma Sigil ya nuna fayilolin `ch` guda 25, rabinsu kusan ba komai a ciki. Ku bayyana abin da ya faru da hanyoyi biyu na gyara shi.

4. Ku buɗe `content.opf` na littafin da kuka haɗa, ku kwafo layin da ke nuna harshe da layin da ke nuna bango, ku zo da su aji na gaba tare da littafin a wayarku.